Me ya sa zanena ya dusashe a kan baƙar riga, amma ya fito sarai a kan kofi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na buɗe shago a intanet, irin wanda ba a ajiye kaya, sai an saya kamfani ya buga ya aika wa mai saye. Na yi zane a wayata, 1080 x 1080, na rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya" da ruwan zinare a kan baƙin bango, da ɗan haske kewaye da haruffan. Na tura wa ƙanena ta WhatsApp ya ɗora. Yayata da ke Ingila ta sayi riga baƙa da kofin shayi. A rigar rubutun ya dusashe, ga wani akwati mai ruwan toka kewaye da shi, kuma ƙ ɗin ta bambanta da sauran haruffa. Kofin ya fito sarai, sai dai zinaren ya koma ruwan ƙasa. Laifin kamfanin ne? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A ganina kamfanin ya buga abin da aka ba shi ne daidai, matsalar tana cikin fayil ɗin. Kuma ki gode wa Allah da yayarki ce ta fara saye, domin galibin waɗannan kamfanoni ba sa mayar da kuɗi idan aibin daga zanen ya fito, ke ce za ki biya wa mai saye wata rigar daga aljihunki.

Mu fara da dusashewa, don lissafi ne kawai. Hoto a waya ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma naki yana da 1080 a faɗi. Gaban riga da ake bugawa yakan kai inci 12 a faɗi da inci 16 a tsawo a kamfani irin Printful. Idan aka miƙe fiksel 1080 a kan inci 12, kowane inci ya samu 90 ke nan. Kamfanonin suna neman aƙalla 150 a kowane inci, sun fi son 300, wannan lambar ce ake gani an rubuta DPI kusa da ita a shafin ɗora zane. Don cika inci 12 kina buƙatar fiksel 1800 a mafi ƙaranci, 3600 idan kina son aiki mai tsabta. Shi ya sa Amazon Merch on Demand ke neman fayil mai 4500 x 5400 na riga, wato inci 15 da inci 18 a kan 300.

Yanzu ki duba kofin. Wurin bugu a kofi mai 11 oz, wanda ke ɗaukar kusan mililita 325, bai wuce inci uku da rabi a tsawo ba. Fiksel 1080 a kan inci 3.5 ya ba ki fiye da 300 a kowane inci. Fayil ɗaya ne, ya ishi kofi har da saura, amma a riga bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ake so ba.

Akwai tarkon da mutane da yawa ke faɗawa a nan. Sai mutum ya buɗe wannan ƙaramin hoton, ya canza lambar DPI zuwa 300, ko ya ja shi ya kai 4500, ya ga jan gargaɗin kamfanin ya koma kore, ya ɗauka an gyara. Ba a gyara komai ba. Manhajar ta ƙirƙiro ɗigo ne ta cike giɓi, bakin haruffan yana nan a dusashe. Gyaran gaskiya shi ne ki buɗe sabon shafi mai 4500 x 5400 tun farko, ki sake rubuta karin maganar a cikinsa. Rubutu ne, ba zai ɗauke ki lokaci ba. Kina gamawa ki zuƙo zanen zuwa 100% ki dubi bakin haruffan: idan a nan suna da kaifi, a riga ma za su yi kaifi.

Sai WhatsApp. Duk hoton da aka tura a matsayin hoto, manhajar tana matse shi ta rage masa nauyi, ta mayar da shi JPEG. Babban fayil zai isa wurin ƙanenki a ƙanƙance, kuma JPEG ba ya iya riƙe bayan zane a buɗe, dole ya cike shi da wani launi. Idan sai kin tura, ki zaɓi Document, ko ki sa a Google Drive ki ba shi mahaɗin.

Akwatin nan mai ruwan toka shi ne abin da na fi so ki fahimta, domin wanda ya gane dalilinsa ya gane rabin sana'ar. Yawancin rigunan auduga a waɗannan shaguna da injin da ake kira DTG ake buga su, mai fesa tawada kai tsaye a kan yadi. Tawadar launi siririya ce, idan aka fesa ta a kan baƙin yadi ba za a gan ta ba. Don haka injin yakan fara shimfiɗa farar tawada a ƙasa, sannan ya ɗora launi a kanta, kamar yadda mai fenti ke fara shafa fari a bango mai duhu kafin ya sa launin da mai gida ya zaɓa. Injin bai san nufinki ba, fiksel kawai yake gani. Ke kin sa baƙin bango da tunanin zai saje da baƙar riga, shi kuma ya ga murabba'i cike da launi, ya shimfiɗa farinsa, ya fesa baƙi a kai. Baƙin tawada a kan fari ba ya kai baƙin yadi duhu, sai ya fito toka-toka, da ɗan tauri a hannu.

Maganinsa kada ki sa bango kwata-kwata. Duk inda kike son baƙi a kan baƙar riga, ki bar wurin babu komai, rigar ce za ta ba ki baƙin. Ki ajiye fayil ɗin a PNG, bayansa a buɗe. A Canva wannan zaɓin, Transparent background, na masu biyan kuɗi ne, amma Photopea da ke aiki a burauza, da GIMP da Inkscape na kwamfuta, duk suna yin haka kyauta. Kafin ki ɗora, ki yi ɗan gwaji: sa jan shafi a ƙarƙashin zanen. Duk abin da ba ja ba, injin zai buga shi. A nan ne ake kama ɓurɓushin fari a gefen haruffa, da hotunan intanet masu ɗarar fari da toka a baya, waɗanda ake zaton bayansu a buɗe yake alhali ɗarar zana ta aka yi a jikin hoton.

Hasken da kika sa kewaye da haruffa, shi ma ki cire. A allo yana shuɗewa a hankali har ya ɓace, amma farar shimfiɗar ba ta iya bin wannan shuɗewar da kyau. Inda launi ya yi rabi-rabi, farin ƙasa yakan leƙo, sai ya zama kamar ƙura ko dabbare-dabbare. Inuwa, hayaƙi, da duk abin da aka rage wa Opacity, wato ƙarfin bayyanar launi, ƙasa da 100% suna da wannan haɗarin a riga mai duhu. Idan kina son haruffan su fito, ki yi musu kauri, ko ki kewaye su da layi cikakke mai launi ɗaya.

Zinare kuwa, babu shi a cikin injin. Tawadun launi huɗu ne, shuɗi mai haske, ja mai shunayya, rawaya da baƙi, sai fari a injin riga. Babu mai ƙyalli. Abin da kika gani yana walƙiya a waya hasken allo ne ke fitowa ta bayan rawaya da ruwan ƙasa. A jikin kofi babu wannan hasken, sai launukan kawai suka rage. Ni da zan zaɓa miki, rawaya mai ƙarfi guda ɗaya zan sa, ba tare da shuɗewa daga haske zuwa duhu ba, kuma a bayanin kaya ba zan rubuta zinare ba, don kada mai saye ya jira ƙyalli. Ki bar fayil ɗin a tsarin launi na sRGB kamar yadda Printful ke nema, su ne za su juya shi zuwa launukan injinsu.

Batun ƙ ya dame ni, domin ina yawan ganinsa a rigunan Hausa, har da masu tsada. Salon haruffa da yawa ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Idan manhaja ta nema ta rasa, sai ta aro harafin daga wani salon ba tare da ta faɗa miki ba, shi ya sa taki ta fito siririya a tsakiyar masu kauri. Wasu sukan gudu su rubuta k, su lalata kalmar. Kada ki yi haka, wanda zai sa Hausa a ƙirjinsa ya cancanci a rubuta masa ita daidai. Kafin ki zaɓi salo, ki buga wannan layin ki duba ko duk sun yi kama da juna:

```
Ƙƙ Ɗɗ Ɓɓ Ƴƴ Kk Dd Bb
```

Noto Sans, Andika da Charis SIL suna da su duka, kuma lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su.

Kofi kuma fayil ɗinsa daban za ki yi. Shi ba fesa masa ake yi ba: ana buga zanen a takarda, a naɗe ta a jikin kofin da aka yi wa wani shafi na musamman, a gasa da zafi kusan digiri 200 na Celsius, tawadar ta zama tururi ta shige cikin shafin. A wannan hanyar babu farar tawada sam, duk farin da ke zanenki farin kofin ne. Don haka rawaya mai haske da ta yi kyau a baƙar riga za ta kusa ɓacewa a farin kofi, sai ki juya rubutun ya zama baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Ki sauke ma'aunin kamfaninki, domin sun bambanta. Wanda aka saba gani shi ne 2700 x 1050. Tsakiyar wannan ma'aunin tana faɗawa ne a ɓangaren kofin da ya fi nisa da mariƙi, inda mai shan shayi ba ya gani. Gara ki sa zanen sau biyu, ɗaya wajen fiksel 675, ɗaya wajen 2025, sai ya fito a ɓangarorin biyu, ko da dama aka riƙe ko da hagu.

Idan kin gyara, ki sake yin odar samfur guda zuwa gidan yayarki, tunda kuɗin aikowa Najeriya yakan yi nauyi. Hoton rigar da shafin kamfani ke nuna miki kwamfuta ce ta ɗora zanen a kai, ba ya nuna yadda tawada ke zama a yadi. Ki ce ta ɗauki hoto a hasken rana, daga kusa, sannan ta juya rigar ciki waje ta wanke da ruwan sanyi, ta sake ɗauka. Idan ta ji ɗan wari mai tsami ko ta ga alamar danshi kewaye da zanen kafin wanki, ruwan da ake fesa wa yadi ne don farar tawada ta kama, wankin farko yakan tafi da shi. Amma idan bayan wankin ta ga zanen yana tsagewa ko yana ɓarewa, wannan kam daga wurin bugu ne, ki aika musu hotunan da lambar oda ki nemi a sake bugawa.