Hijabi da lokacin salla a wurin aiki: abin da doka ta ba ki da inda ta tsaya

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin kashiya a wani babban kanti a Wuse, daga takwas na safe zuwa biyar na yamma. Sabon manajanmu ya ce hijabi ba ya cikin yunifom, salla kuma sai an tashi aiki. Yana da hurumin yin haka, ko in kai ƙara?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na daɗe ina aikin kula da ma'aikata a wata masana'anta da ke Idu, kuma irin wannan rigimar ta sha zuwa teburina. Ki raba maganar gida biyu, don salla da hijabi ba ƙafa ɗaya suka taka a doka ba.

A kan salla, babu wata dokar Najeriya da ta ambaci sunan Azahar ko La'asar ta ce dole mai kamfani ya ware musu lokaci. In kika je wa manaja da cewa "doka ta ce a ba ni lokacin salla", zai ce ki nuna masa wurin, kuma ba za ki samu ba. Makaminki yana cikin Dokar Ƙwadago, sashe na 13. Ta ce duk ma'aikacin da ke aikin awa shida ko fiye a rana, a ba shi hutu a tsakanin aikin, sau ɗaya ko a rarrabe, wanda jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Ta kuma fayyace cewa wannan hutun lokacinsa ne, ya yi abin da ya ga dama da shi, ba dole ya zauna a wurin aikin ba. Ke awa tara kike yi, kin ga kin shiga ciki. Dokar ta cire manajoji da ƙwararru irin su akanta da injiniya daga ma'anar "ma'aikaci", su takardar ɗaukarsu aiki ce ke magana, amma kashiya tana ciki.

To kada ki nemi a ba ki sabon lokaci. Ki nemi a raba miki awarki. Haka muka yi wa masu aiki a layin shirya kaya a wurinmu: minti arba'in da misalin ɗaya da rabi, a yi Azahar a ci abinci, sai minti ashirin wajen ƙarfe huɗu don La'asar. Ba mu tsayar da inji ba, mutum biyu-biyu suke fita, in sun dawo wasu su tafi. Abin da ya kusa rusa tsarin daga ɓangarenmu Musulmi ya fito. Wasu samari suka mayar da minti ashirin ya koma arba'in, ana alwala ana hira ana duba waya, abokan aikinsu Kiristoci da ke riƙe musu wuri suka fara ƙorafi, kuma da gaskiyarsu. Sai da muka ajiye littafin sa hannu na fita da dawowa abin ya daidaita.

Iyakar a nan ita ce, mai kantin yana da ta cewa a kan lokacin da za ki fita. In layin masu biyan kuɗi ya kai ƙofa, zai iya cewa ki dakata sai wata ta karɓe ki, kuma lokacin Azahar yana da faɗin da zai ɗauki wannan. Abin da ba zai yi ba shi ne ya haɗiye hutun gaba ɗaya kullum. Maza masu karantawa, Juma'a ta fi wuya, domin zuwa masallaci da huɗuba da cunkoson dawowa, musamman in Masallacin Ƙasa kuka nufa, sukan wuce awa ɗaya. Abin da ya haura awar nan sulhu ne: ko ka rama da yamma, ko ka karɓi aikin Lahadi abokinka ya tafi coci shi kuma ya riƙe maka Juma'a.

Hijabi kuwa, tushensa sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya ba kowa 'yancin bayyana addininsa a ɓoye da sarari, sai sashe na 42 da ya hana nuna bambanci saboda addini. A watan Yuni na 2022 Kotun Ƙoli, alƙalai biyar cikin bakwai, ta yanke cewa gwamnatin Legas ba ta da ikon hana ɗalibai mata sa hijabi a makarantunta. A nan Abuja ma kin san labarin Firdaus Amasa, wadda aka hana shiga zauren rantsar da lauyoyi a Disamba 2017 saboda hijabi, aka dawo aka rantsar da ita da shi a 2018. Rundunar 'yan sanda ita ma a 2022 ta yarda mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hula.

Sai dai ki lura, duk waɗannan na hukuma ne. Kantinku na ɗan kasuwa ne, kuma lauyansa zai ce sashe na 42 gwamnati ya fi ɗaurewa, sannan ke da kanki kika sa hannu kika yarda da yunifom. Wannan hujjar ba ta rufe ƙofa ba. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙarar nuna bambanci a wurin aiki, har da kamfanoni masu zaman kansu, tare da duba yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su, ciki har da ta 111 da ta hana bambancin addini a aiki.

Abin da za a auna shi ne dalilin hanawar. A wurinmu mun hana dogon hijabi kusa da bel ɗin inji, domin gefen mayafi in ya shiga tsakanin bel da abin da ke juya shi, wuyan mutum zai ja. Dokar masana'antar tamu ba ta tsaya kan hijabi ba, ta hau kan babbar riga da sarƙar wuya da gashin da aka sake. Muka ɗinka gajeren hijabi kalar yunifom, ana cusa shi cikin riga, ba allura, a ɗora ragar kai a sama. Haka abin yake a ɗakin tiyata da kicin. Ke kuwa kuɗi kike karɓa, babu injin da zai kama ki. "Kwastomomi ba sa so" ko "bai dace da tsarin kantinmu ba" dalili ne mai rauni, musamman in wata tana sanye da sarƙar gicciye ba a ce mata komai ba. Zai iya tsayar miki da kala da tsawo. Niƙabi ne zai fi ba ki wuya, tunda kyamara da gane fuska suna da muhimmanci inda ake taɓa kuɗi.

Kotu kam ba yanzu ba. Shari'a takan ci shekaru, kuma mai kanti zai iya ba ki notis ya sallame ki ba tare da ya ambaci hijabi ba, ya bar ki da wahalar tabbatar da dalili. Saboda haka ki fara tara shaida. Ki duba takardar ɗaukarki aiki da littafin dokokin kanti, ki ga abin da suka ce game da sutura. In da hijabinki aka yi miki intabiyu aka ɗauke ki, hoton katin shaidarki na aiki ma hujja ne. Ki rubuta gajeruwar wasiƙa cikin ladabi zuwa ga manajan da sashen ma'aikata, ki faɗi ƙarfe nawa kike son fita, minti nawa, wa zai riƙe miki teburi, da irin hijabin da za ki sa. Ki sa a buga miki hatimin karɓa a kwafinki. Kafin amsa ta zo, kada ki bar teburin kuɗi babu izini, don wannan kaɗai ya isa a ba ki takardar tuhuma da babu ruwanta da addini. In sun ƙi a rubuce, ki kai kwafin ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, jami'ansu suna kiran ɓangarori biyu su yi sulhu. In hakan bai yi ba, sannan lauya, Kotun Ma'aikata kuma tana nan Garki.