Hoton farko da na ƙarshe: in biya kuɗin wata ko in dakata?

Tambaya: Ni tela ce a Zariya. Ina son ɗan bidiyon talla da zai fara da atamfa a ninke, ya ƙare da rigar an ɗinke. Na ba manhajar AI hotunan biyu, sai atamfar ta narke kamar kitse a wuta. In na biya kuɗin wata zai gyaru?

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna. Ina kyautata zaton matsalar daga hotunan take, kuma ta kuɗin ma haka za ta yi miki.

Manhajar tana kafe hoton farko da na ƙarshe ne, sannan ta ƙirƙiri abin da ke tsakaninsu cikin ɗan lokaci: 'yan daƙiƙoƙi a manhajar Kling, har zuwa 8 a Veo na Google, inda a cikin Flow, manhajar bidiyo ta Google, ake kiran wannan `Frames to Video`. Idan an ɗauki atamfar a kan tebur da hasken rana, rigar kuma a wani ɗaki da hasken kwan lantarki, ba wani motsi na gaskiya da zai haɗa su. Sai ta narkar da wannan cikin wancan, ko ta yi ta jan ƙafa, a daƙiƙar ƙarshe ta yi tsalle ta faɗa hoto na biyu. Duk wanda kika gani cikin biyun, tazarar ce ta yi yawa.

Ki jingina wayar wuri guda, kada ta motsa. Bango ɗaya, haske ɗaya, duk hotunan a tsaye 9:16 in don TikTok ko WhatsApp ne. Maimakon biyu, ki ɗauki uku: atamfar a ninke a hannun yarinyarki, atamfar a warware ta ɗaga ta, sai rigar a hanga daidai inda atamfar take. Bidiyo na ɗaya daga hoto na 1 zuwa na 2, na biyu daga na 2 zuwa na 3, ki haɗe su a CapCut. Ainihin hotonki na 2 za ki sake sakawa, ba wanda kika ciro daga ƙarshen bidiyon ba, domin wannan launinsa ya riga ya ɗan jirkice, kuma jirkicewar ƙaruwa take yi. A wurin rubuta umarni kada ki ɓata lokaci kan bayanin atamfar, manhajar tana ganinta. Motsin kawai: yarinya ta warware zane a hankali, kyamara a tsaye.

Abu ɗaya dai kuɗi ba sa magancewa. Zanen atamfa yakan sauya a tsakiyar bidiyon, fure ya koma ganye, kuma kin san kwastomomi da ido. Ki tsayar da shi a daƙiƙa ta 2 da ta 3 ki duba.

In wannan tsarin ya fito da kyau a gwajin kyauta, to ki biya wata ɗaya rak, ba shekara ba. Kafin nan ki tabbatar nau'in AI ɗin da ke cikin tsarin biyan kuɗin yana karɓar hoton ƙarshe, don ba duka ke yi ba, kuma ki lissafa gwaji uku ko huɗu kan kowane bidiyo, tunda wanda ya lalace ma an cire kuɗinsa.