Ki bar kallon launi, ki duba haske da duhu

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Yarona mai shekara 9 ba ya bambanta wasu launuka, likita ya ce haka aka haife shi. Wane launi zan riƙa saya masa na kaya, da na abubuwan da yake amfani da su a ɗaki? Muna unguwar Nima a Accra."

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi kamar labarin babban ɗana kika rubuta. Mu a Aboabo muke, nan Kumasi.

Kafin komai, kada ki bari kowa ya ce masa ganganci yake yi. Nawa wata ƙanwar babansa ce ta sa shi gaba. Ranar Sallah ya sa riga shuɗiya da wando shunayya, shi a idonsa ɗinki ɗaya ne. Gida cike da baƙi matar nan ta tsayar da shi tsakar gida, ta ce a zo a ga ɗan da uwarsa ta kasa koya wa sa kaya. Aka yi ta dariya. Yaron ya shige ɗaki, ko yawon Sallah bai fita ba. Ba ta tsaya nan ba, daga baya ta aike shi da sidi 50, ya ba mai shago a zaton sidi 10 ce, ta ce sata ya yi. Sata! Sidi 10 koriya ce, 50 ruwan ƙasa, in sun tsufa sun yi dauɗa a wurinsa kusan abu ɗaya ne. Haka sidi 5 shuɗiya da 20 shunayya. Har yau ba ta ce masa yi haƙuri ba, ni ma ban manta ba. Ki koya wa naki ya riƙa karanta lambar kuɗi tun yanzu.

Yawancin masu irin wannan ido ja da kore ne matsalar, to duk launin da ja ko kore ya shiga cikinsa sai ya rikice. Shunayya shuɗi ne da aka zuba wa ja, idan jan ya ɓace sai shuɗin ya rage, abin da ya faru da wandon ke nan. Ruwan hoda yakan koma masa kamar ruwan toka, ruwan ƙasa da kore mai duhu su haɗe. Wasu ma ja mai duhu baƙi suke ganinsa. Abin da ba ya ɓace masa shi ne shuɗi da rawaya, da fari da baƙi, da kuma bambancin mai haske da mai duhu.

Ni in na shiga kasuwar Kejetia sayen yadi, ina jera biyun da nake so, in ɗauke su hoto, in mayar da hoton baƙi da fari a waya. Idan duk sun fito toka iri ɗaya, na san akwai haɗari. Idan ɗaya ya yi haske ɗaya ya yi duhu, na saya. Masu yadi na yi mini kallon mai iyayi, ban damu ba. Wandunansa na mayar da su baƙi da ruwan madara kawai. Shuɗi mai duhu na daina sayen wandonsa, don da asuba ko mai lafiyar ido sai ya ɗauke shi baƙi. Riguna kuwa kowace ta shiga da waɗannan biyun. Kayan da suke ɗinki ɗaya, tela na ɗinka musu alama a ciki, a wuyan riga da ƙugun wando: wannan maɓalli ɗaya, wancan biyu. Da yatsa yake ganewa ko an ɗauke wuta.

Af, ki tambayi 'yan'uwanki maza ko babanki, don ta wajen uwa yake bi ya sauka kan ɗa namiji. Ni sai da aka yi wa yaron gwajin nan na Ishihara, mai lambobi cikin ɗigo-ɗigo, sannan wana ya ce shi ma bai ga lambar ba. Amma kada wannan magana ta kai kunnen dangin miji irin nawa.

A gidan haya irin namu kowa bokitinsa ja ne ko kore, to nasa buta da bokiti da buroshi duk shuɗi ne, na ƙaninsa rawaya. Abu mai haɗari kuwa ban yarda da launi ba sam. Jarkar kananzir da kwalbar magani, farin filasta nake mannawa in rubuta sunan da baƙin alƙalami, manyan haruffa. Jan rubutu kan kore ko kan baƙi, kamar ba ki rubuta ba ne.

Fentin ɗaki ki sa mai haske, ƙofa da kabad su yi duhu. Ki canja ƙwan lantarki mai rawaya zuwa fari mai ƙarfi, don a haske mai rauni rikicewar ta fi yawa. Kuma ki je makaranta da ƙafarki ki faɗa wa malaminsa, jan alli a baƙin allo wahala yake ba su. Wane aji naki yake?