Wasiƙar neman wakilci daga ƙungiya idan wanda ake ƙara shi ma ɗan ƙungiyar ne

"Assalamu alaikum. Shugaban sashenmu ya takura mini da maganganun banza da saƙonni cikin dare. Da na ƙi kula shi, sai ya fara canza mini lokutan aiki, har ya ba ni takardar tuhuma. Ina so ƙungiyarmu ta ma'aikata ta tsaya mini, amma shi ma ɗan ƙungiyar ne, kuma abokin shugaban reshen ƙungiyar ne. Me zan rubuta musu?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya kawo miki mafita. Na daɗe ina riƙe da sakatariyar reshe a ƙungiyarmu, wasiƙu irin wannan sun sha biyowa ta hannuna, don haka bari in gaya miki abin da na ga yana aiki.

Ki fara raba takardu biyu a ranki. Takardar ƙorafi daban, ita ce ke zuwa ofishin kula da ma'aikata, kuma a cikinta ne ake zayyana komai. Wasiƙar ƙungiya kuwa aikinta ɗaya ne: ta sa a ware miki mutum takamaimai, kafin wata rana takamaimai. Inda mutane suka fi faɗuwa ke nan. Sai ki ga shafi huɗu cike da ɓacin rai, gaskiya ce zalla a ciki, amma an rufe da "a taimaka mini". Kwamiti zai karanta, ya jajanta, ya ce za a duba, shi ke nan takarda ta kwanta a fayil domin ba a ɗora wa kowa wani aiki ba. Shafi ɗaya ya isa.

Kasancewarsa ɗan ƙungiya bai rage miki haƙƙi ba. Kina biyan kuɗin ƙungiya, yana biya, kowannenku yana da damar neman wakili. Abin da ƙungiya mai tsari ke yi shi ne ta ba kowa nasa wakilin, kuma wakilan biyu ba sa musayar bayani a kan lamarin. Amma kada ki zauna kina jiran su tuna da wannan da kansu, ki rubuta shi ɓaro-ɓaro. Tunda akwai abota tsakaninsa da shugaban reshe, ki aika wasiƙar ga sakataren reshe ko mai kula da harkokin mata idan akwai, ki kuma tura kwafi zuwa ofishin ƙungiya na sama, na shiyya ko na ƙasa. Kada ki zargi shugaban reshe da komai, don bai yi miki laifi ba tukuna. Ki ce kawai akwai kusanci, kina neman ya janye daga lamarin. Shugaba mai hankali shi ma hakan ya fi masa sauƙi.

Ga yadda zan tsara ta da ni ce, ki sauya ranakun da naki:

"Zuwa ga Sakataren Reshe. Sirri ne. Ni 'yar ƙungiya ce, lambata kaza, ina aiki a sashe kaza, kuma ana cire kuɗin ƙungiya daga albashina kamar yadda takardar albashin da na haɗa ta nuna. Ina neman a ba ni wakili a kan ƙorafin cin zarafi da zan shigar a kan shugaban sashena. Daga 3 ga Maris zuwa 20 ga Afrilu ya aiko mini saƙonni marasa alaƙa da aiki bayan ƙarfe 11 na dare. Ranar 21 ga Afrilu na rubuta masa cewa ya daina. Ranar 24 aka mayar da ni aikin dare ba tare da dalili ba, ranar 2 ga Mayu ya ba ni takardar tuhuma. Ina neman wakilin ya duba takardar ƙorafina kafin in miƙa, ya raka ni duk zaman da za a kira ni, ya kuma taimaka mini wajen amsa tuhumar. Wanda nake ƙara ɗan ƙungiya ne kuma yana da kusanci da shugaban reshe, saboda haka ina roƙon a ba ni wakilin da ba ya ƙarƙashin wanda nake ƙara, kuma kada a sanar da shi ko wani game da wannan wasiƙa ba da izinina ba. Ina buƙatar amsa a rubuce kafin 9 ga Mayu."

Ki lura da jerin ranakun nan. Kin ce ya daina ranar 21, aka canza miki aiki ranar 24, tuhuma ta biyo baya. Ba ki furta kalmar ramuwar gayya ba, amma duk wanda ya karanta ya gan ta. Wannan ya fi ki kira shi azzalumi ko mazinaci ƙarfi nesa ba kusa ba, domin zagi a takarda shi ne abu na farko da wakilinsa zai ɗaga a gaban kwamiti, a bar maganar saƙonni a koma kan halinki.

Saƙonnin kansu kada ki liƙa su a wasiƙar. Ki ce suna nan, za ki nuna wa wakilin da aka ba ki. Wasiƙa tana bi ta hannaye da yawa kafin ta isa inda aka nufa. Ki ɗauki hotonsu yadda lambarsa da rana da lokaci za su fito, ki adana a wani wuri da ba wayar ofis ko imel ɗin ofis ba, kuma kada ki goge amsoshinki ko da akwai wadda kike jin nauyinta. Zancen da aka yanke rabinsa yana rage ƙarfin hujja. Sunayen shaidu ma ki riƙe su sai kin nemi yardarsu.

Wataƙila wani ya ce miki ai saƙon dare ba a wurin aiki aka yi shi ba. Yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, wadda aka amince da ita a 2019, ta sanya sadarwar da ta shafi aiki, har ta waya da intanet, cikin abin da take karewa, ta kuma nemi a kare mai ƙorafi da shaidu daga ramuwa. Tana ɗaure ƙasashen da suka tabbatar da ita a hukumance ne kawai, amma jami'an ƙungiya sun san ta, ambatonta yana sa su gyara zama.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Rubuta wa ƙungiya ba ya tsayar da wa'adin komai. Idan takardar tuhumar ta ba ki kwanakin amsa, ki amsa cikinsu ko da wakili bai fito ba, a gajarce, ki ƙara da cewa kin nemi wakilcin ƙungiya kuma za ki kawo ƙarin bayani. Haka kuma kai ƙara hukuma ko kotu yana da nasa wa'adin, wanda ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka misali wa'adin kai ƙara hukuma kwana 180 ne, a wasu jihohin ya kai 300. Ki duba littafin ƙa'idojin aikinku, ki kuma tambayi wakilin wa'adin ƙasarku tun zaman farko.

Ranar miƙawa ki je da kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a kan naki. Za ki gane an ɗauki maganar da gaske idan aka ba ki sunan wakili kuma ya nemi ku zauna ku biyu. Idan kuwa aka ce "bari mu kira shi a sasanta a cikin gida", ko kika ji labarin ya fara yawo a sashe, to ki ƙi duk wani zama da za a haɗa ku ɗaki ɗaya, ki rubuta wa ofishin sama a ranar, ki haɗa da kwafin nan mai sa hannu, ki nemi su turo miki jami'i daga wajen reshen.