Awon Dakt na VAV: Firikshin Bai Ɗaya Ko Satatik Rigen?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya. Ina zanen iskar sanyi na wani bene na ofis a Ikeja, tsarin VAV ne, wato mai sauya yawan iskar kowane ɗaki gwargwadon buƙata, AHU ɗaya, injin da ke sanyaya iskar ya hura ta, mai lita 4,000 a sakan. Ogana ya ce in yi awon dakt da satatik rigen don shi ne na zamani, ni kuma firikshin bai ɗaya na saba. Wanne ya fi dacewa don Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. A aikin da ka kwatanta ni firikshin bai ɗaya zan ɗauka, in rage lambar asarar firesha kaɗan, kuma ba don raina maganar oganka ba, lissafi ne kawai.

Firikshin bai ɗaya dai ka san shi, ka tsayar da asarar firesha guda a kowace mita, yawanci faskal 0.8 zuwa 1, kowane yanki ka nemo faɗin da zai ba ka wannan lambar, shi kenan. Satatik rigen kuwa dabara ce ta daban. Iska mai gudu tana ɗauke da fireshar gudu, in ka rage mata gudu wani kaso na wannan fireshar yakan koma firesha mai danna bangon dakt, wato satatik. To sai a faɗaɗa yankin da ke bayan kowane reshe daidai yadda abin da aka samu zai biya asarar gogayya ta yankin, ta yadda kowane reshe zai ga satatik kusan iri ɗaya. In Revit kake amfani da shi duk biyun suna nan wajen awon dakt, Equal Friction da Static Regain. Fireshar gudu kuma ga yadda ake samunta, V mita a sakan, amsa a faskal:

```
Pv = 0.6 × V²
```

Mu ɗauka babban dakt ɗinka zagayayye ne, rassa huɗu, kowanne lita 1,000, tsakanin reshe da reshe mita 10. Da faskal 1 a mita za ka fara da milimita 750, gudu kamar mita 9 a sakan, sai 670, sai 575, ka ƙare da 450. Da satatik rigen, in muka ce kashi 75 cikin 100 na ragin fireshar gudu ake maidowa, daga 750 ɗin nan za ka samu wajen 700, 620, da 500. Ka ga wutsiyar ce ke kumbura. Ƙarfen yankuna ukun ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, da insuleshin ɗinsa, abin da ka rage wa fanka kuma bai wuce faskal 10 ba, wanda a lita 4,000 bai fi wat 60 ba. Na san kuɗin wuta da na dizal a Legas ba wasa ba ne, amma matatar iska mai datti guda ɗaya ta fi wannan ci.

Kuma abin da mutane ke mantawa, shi ma firikshin bai ɗaya yana samun rigen ɗinsa, ba a dai lissafa shi ne. Gudun ya sauka daga 9 zuwa wajen 6.3, fireshar gudu daga faskal 49 zuwa 24, don haka cikin faskal 30 da gogayya ta cinye kusan 19 sun dawo. Bambancin satatik tsakanin reshen farko da na ƙarshe kamar faskal 10 ke nan, a dakt ɗin da sensar firesha ke riƙe da shi wajen faskal 250. Akwatin VAV mai auna iskarsa da kansa ko a jikinsa, damfarsa, wato murfin da ke rage ko ƙara iska, za ta ɗan motsa kawai ta shanye.

To yanzu ga inda maganar take. Duk wancan daidaiton na satatik rigen an gina shi ne kan cewa kowane reshe yana jan cikakkiyar iskarsa a lokaci guda, VAV kuma ma'anarsa ke nan cewa ba haka za a yi ba. Ɗauki ƙarfe huɗu na yamma, rassa biyun farko suna gabas rana ta bar su, sun sauka zuwa lita 300 kowanne, biyun ƙarshe suna yamma rana na dukan gilashi, suna jan 1,000 ɗinsu cif. Jimla 2,600. A yankin farko gudu ya zama 5.9, a na biyu lita 2,300 cikin milimita 700 kusan 6, a na uku lita 2,000 cikin 620 ya hau 6.6. Gudu ƙaruwa yake yi maimakon raguwa, ke nan babu abin da aka maido, satatik ma ake ci don a ƙara wa iskar gudu, gogayyar kuma tana nan daram. Da safe lamarin ya juye, gaba na ja wutsiya na hutawa. Wato ka biya kuɗin ƙarfe don daidaiton da zai tabbata ne kawai lokacin da duk akwatuna ke buɗe daidai gwargwado, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Sannan kashi 75 ɗin nan sai an samu dakt zagayayye ko mai kusurwa huɗu da bai baje sosai ba, da ridiyusa mai gangara a hankali. A Legas kuwa ka san yadda ake yi, bim ya sauko, fayif ɗin kashe gobara ya ratsa, tiren waya ya tare, mai gini ya ce silin ba zai sauka ko inci ɗaya ba, sai a matse dakt ya koma falle, a lanƙwasa shi nan da can. Kowace lanƙwasa tana cinye abin da takarda ta ce ka samu. Ga kuma zafi, faɗaɗɗen dakt mai iska a hankali ya fi ɗaukar zafin cikin silin, iskar da ta fito a digiri 13 ta isa ofishin ƙarshe da ɗumi, kuma da laimar garin nan duk inda insuleshin ya ɗan buɗe sai zufa ta ɗigo kan silin.

Ba wai satatik rigen ba shi da waje ba fa. In babban dakt ne mai tsawo da gudu mai yawa, irin wanda ke hawa bene bayan bene, a mita 15 a sakan fireshar gudu faskal 135 ce, a nan akwai abin maidowa sosai, kuma in ka yi watsi da shi rassan farko da na ƙarshe za su sha bamban. A mita 9 kuwa ribar 'yar kaɗan ce.

Ni abin da zan yi a naka, babban dakt daga AHU in auna shi kan lodin da benen ke kaiwa gaba ɗaya a lokaci guda, ba tarin kololuwar kowane ɗaki ba, amma wutsiya da rassa kowanne kan cikakkiyar kololuwarsa, kada ka rage musu komai da sunan ba tare suke ja ba. In yi amfani da faskal 0.8, in kuma daina ƙanƙance dakt a kowane reshe, misali 575 ɗin can in bar shi 600, na ƙarshe 500, ka ga ka samu yawancin amfanin rigen ba tare da dogara da shi ba. Ka bar miƙaƙƙen dakt gaban kowane akwati gwargwadon abin da kamfaninsa ya rubuta, don in iska ta shigo a karkace awonsa ƙarya zai yi. Sensa kuma a saba sa ta wajen kashi biyu cikin uku na tsawon dakt, in kuma akwai BMS, wato kwamfutar da ke sarrafa na'urorin gini, a sa ta riƙa sauke lambar firesha har sai damfar da ta fi buƙata ta kusa buɗewa duka, a nan ne VFD, mai sarrafa gudun fanka, ke rage wuta da gaske.

Ranar gwaji ka duba damfofin a allo. In na ƙarshe ya buɗe 100 kuma bai kai iskarsa ba alhali na kusa da AHU sun kusa rufewa suna fito, wutsiyarka ta yi ƙanƙanta ko akwai lanƙwasar da ke shaƙe ta. In duka sun kusa rufewa, lambar sensa ce ta yi yawa, a sauke ta.