Shin a Ba Baƙo Kaya Bashi Don Fuskarsa ta Kwanta a Rai?

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Samari biyu, baƙi a unguwarmu ta Aboabo, sun nemi in ba su kayan sidi 3,000 bashi su yi talla. Ɗaya mai fara'a ne, ga tabon sujada a goshi, na ji ya kwanta mini. Ɗayan fuska a murtuke, na hana shi. Mijina ya ce firasar mumini ce, wato basirar gane halin mutum da ganinsa kawai. Haka ne?

Amsa: Hajiya, dukiyarki ce, don kin hana wani ba ki yi laifi ba. Amma fuska ba hujja ba ce, kuma haramun ne ki ce wa 'yan kasuwa ba shi da amana alhali idanunsa kawai kika gani. Wannan ne zaton da aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana.

Na fi jiye miki tsoro game da mai fara'ar. A aya ta 4 ta Suratul Munafikun, Allah Ya faɗa wa Annabi (SAW) cewa in ya ga munafukai jikunansu za su burge shi, in sun yi magana zai saurara. 'Yan'uwan Annabi Yusuf ma da kuka suka zo wa mahaifinsu. Tabon goshi kuwa, tabarma mai kaushi tana yin sa ga kowa.

A 2006, masu bincike biyu, Willis da Todorov na jami'ar Princeton, sun nuna cewa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya ishi mutum ya yanke wa fuskar baƙo hukunci, ƙarin lokacin kallo kuma galibi ƙara masa tabbaci kawai yake yi a kan abin da ya riga ya yanke. Fuskar da halittarta ta yi kama da murmushi ita ake yarda da ita. Macuci ya san da haka.

Firasa gaskiya ce, amma Ibnul Arabi, malamin Malikiyya, ya ce ba a gina hukunci a kanta.

An ruwaito wani ya yabi wani a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi: maƙwabcinka ne? Kun taɓa tafiya tare? Kuɗi sun taɓa shiga tsakaninku? Duk ya ce a'a. Umar ya ce to ba ka san shi ba.

Ki auna su biyun da wannan ma'auni. A tambayi maigidan da ya sauke kowannensu a zango, da wanda ya taɓa ba shi kaya. Kowa ya kawo wanda zai tsaya masa. Ki fara da turmi biyu ko uku, a rubuta adadi da ranar biya a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar. Wanda ya cika alkawari sau uku, ki ƙara masa, ko da mai murtukewar ne.

Wallahu a'alamu.