Wayar bashi: me zan duba a takarda kafin in sa hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Gumel. Wani wakili ya ce in ba da kafin alƙalami in karɓi waya, ragowar in riƙa biya wata-wata. Takardar shafi huɗu ce da ƙananan rubutu. Me ya kamata in duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in ba ki labarin wani matashin malami da ke koyarwa a wajen Ringim, wanda ya kawo mini irin wannan takarda bara, don na daɗe ina aikin lissafin rance a ƙungiyar gama-kai.

Wayar da yake so naira 120,000 ce kuɗi hannu. Wakilin ya ce ya ajiye 36,000, saura 84,000 a biya cikin wata shida, ruwa kuma "kashi shida ne kawai". Malamin ya ce a ba shi takardar ya kwana da ita. Wakilin ya ɗaure fuska, ya ce garaɓasar yau za ta ƙare. Shi dai ya ɗauki hoton shafukan da wayar abokinsa, ya koma gida ya zauna da biro.

Abin da ya fara ganowa shi ne kashi shidan nan na kowane wata ne, kuma a kan 84,000 ɗin farko ake lissafa shi har ƙarshe. Wato ruwa 5,040 duk wata, ga uwar kuɗi 14,000, biyan wata ya kama 19,040. Sau shida ya zama 114,240. Da ya haɗa da kafin alƙalami, wayar ta tashi 150,240. Ƙarin 30,240 ke nan a kan farashin kasuwa.

Nan nake so ki tsaya, domin nan ne mutane suka fi ruɗewa. A watan ƙarshe 14,000 kaɗai ake bin sa, amma ruwan bai ragu ba, 5,040 ne dai, fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage. Akwai rancen da ake lissafa ruwansa a kan ragowar bashi, yana raguwa kina biya. Gane bambancin ba wuya. Ki ce a rubuta miki jadawalin biya wata bayan wata, a ware ruwa daban. In adadin ruwan bai motsa ba daga fari har ƙarshe, to irin na malamin nan ne. Kada ki yarda da kashi da baki, ki nemi jimilla a rubuce.

Amma ba tsadar ce ta fi tayar masa da hankali ba. A shafi na uku ya ga ranar biya 20 ga wata ce, albashinsa kuwa sai ƙarshen wata yake shiga. Takardar ta ce in an yi jinkiri, manhajar da aka sa a wayar za ta kulle ta daga nesa, kuma tara tana hawa kullum. Ke nan duk wata zai yi kusan kwana goma da waya a kulle, yana biyan tara, ba don ya ƙi biya ba. A ƙasan wannan kuma an rubuta cewa ko an sace wayar ko ta faɗa ruwa, bashi yana nan. Sannan ana neman lambar mutum biyu, ya ga bai dace ya ba da ta shugaban makarantarsu ba tare da ya sani ba. Ya yi daidai, don su za a dama da kira.

Ki kuma duba sunan wanda ke bin ki. Sau da yawa mai shago ya riga ya karɓi kuɗinsa daga kamfanin rance, kamfanin ne mai bashi. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana yi wa masu ba da rance ta manhaja rajista, ki nemi sunan a jerinta. Wannan bambancin ya shafi addini ma: sayar da kaya da ƙayyadadden farashi zuwa wani lokaci daban ne da rance mai ruwa da tarar jinkiri, don haka in za ki tambayi malami, ki je masa da takardar kanta.

Washegari malamin ya koma da buƙata biyu: a mayar da ranar biya 5 ga wata, kuma a rubuta cewa in ya biya duka da wuri za a yafe ruwan watannin da suka rage. Wakilin ya ce zai iya gyara ranar, amma na biyun ba ya hannunsa, "kada ka damu, za mu duba maka". Malamin ya ce abin da babu shi a takarda ba zai dogara da shi ba. Ya bar wa wakilin takardarsa, ya shiga adashin malaman makarantarsu na 20,000 duk wata su shida, ya roƙi a ba shi kwasa ta biyu.